Karayar ƙashin ƙugu: Jinin da ke zuba a ɓoye bayan hatsarin mota

A titin Kubwa ko na Nyanya, idan mota ta banke mutum, masu ceto kan fara neman inda jini ke fita. Sai dai akwai raunin da kan halaka mutum tufafinsa ba su jiƙe ba, wato karayar ƙashin ƙugu.

Ƙashin ƙugu zobe ne. Ƙasusuwa biyu na gefe sun haɗu ta gaba a ƙasan mara, ta baya kuma sun kama ƙashin gindin baya, ƙaƙƙarfan jijiyoyi na riƙe da su. Da wuya zobe ya karye a wuri ɗaya kaɗai, don haka idan likita ya ga karaya a gaba, yakan nemi ta biyu a baya.

Wani likitan ƙashi ɗan Kanada, Marvin Tile, ya kasa karayar gida uku gwargwadon ƙarfin da ya rage wa zoben. A rukunin A, bayan zoben lafiya lau yake, kuma galibi hutu da maganin ciwo kan wadatar. A rukunin B, zoben ya buɗe kamar littafi ko ya matse ciki, amma bai goce sama ba. A rukunin C, jijiyoyin baya sun tsinke gaba ɗaya, har rabin ƙugun kan zame sama, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta.

Tashin hankalin yana rukunin B da C. Mafi yawan jinin daga ƙananan hanyoyin jini masu komawa zuciya yake kwarara, da kuma bakin karyayyen ƙashin. Idan zoben ya buɗe, sararin ciki ya ƙaru, jini kan taru lita-lita, alhali duk jinin babban mutum bai wuce kimanin lita 5 ba.

A ɗauka wani direban ma'aikata ya tsaya duba taya, mota ta matse shi ta gaba. Yana kukan ciwon ƙugu, ya kasa tsayawa, jikinsa ya yi sanyi, yana gumi. Bugun zuciyarsa 130 a minti, awon jininsa na sama ya faɗi zuwa 80. Alamomin zubar jini a ciki ke nan.

Abin yi nan take shi ne ɗaure ƙugun. A naɗe zanen gado ko zani mai ƙwari zuwa faɗin taki guda, a zura ta ƙarƙashinsa ba tare da mirgina shi ba, mutum biyu su ja, a ƙulle tamau. Wurin ɗaurin shi ne daidai ƙasusuwan da suka turo a gefen saman cinya, saitin gaban mutum. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaurewa a inda ake ɗaura bel, wanda ba ya rufe zoben. Sannan a haɗa gwiwoyi da idon sawu a ɗaure. Kada a girgiza ƙugun don gwaji, domin hakan na farfasa jinin da ya fara daskarewa. Kada kuma a zaunar da shi a kujerar tasi. A ɗauke shi kwance a kan abu mai tauri. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122.

A asibiti irin Cibiyar Kula da Masu Rauni ta Babban Asibitin Ƙasa, wadda aka buɗe a 2014, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ƙarin jini ya fi ƙarin ruwa amfani, domin ruwa mai yawa na tsinka jini. Akan kuma yi allurar tiranesamik asid, giram 1, kafin cikar awa 3 da raunin. Bayan haka ba ta da fa'ida. Idan hoto ya nuna ƙashin gaba ya buɗe fiye da santimita 2.5, jijiyoyin da ke riƙe da zoben sun yage. Jini a bakin mafitar fitsari kuwa gargaɗi ne cewa hanyar fitsari ta ji rauni, don haka ba a tura robar fitsari da ƙarfi.

Idan awon jinin direban ya ci gaba da faɗuwa duk da ɗauri da ƙarin jini, akwai yiwuwar babbar jijiyar jini ce ta fashe. Sai tiyata a cusa auduga ta danne wurin, ko a toshe jijiyar ta siririn bututu inda ake da na'urar. Ɗaurin zani na wucin gadi ne: idan ya zarce awa 24 yana iya gyambata fata, shi ya sa ake maye gurbinsa da ƙarafan da ke riƙe ƙashi daga waje.

Wannan karaya ta fi ƙarfin mai ɗori. Kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili.