Yadda ake tsara hasken kibod ɗin wasa

Kibod ɗin wasa sabo, da zarar an jona shi, sai launuka su fara gudu a kansa kamar bakan gizo. Da kyau a ido, amma idan wasa ya yi zafi cikin ɗaki mai duhu, wannan walwalin ba ya nuna wa yatsa inda zai sauka. Gyaran yana cikin manhajar kamfanin da ya ƙera kibod ɗin: Synapse ga Razer, G HUB ga Logitech, iCUE ga Corsair.

Kafin komai, duba irin kibod ɗinka. Wani kowane maɓalli da fitilarsa, wani kuma shiyya-shiyya ne, kamar Logitech G213 mai shiyya 5, wanda ba za a iya ware maɓalli guda a ba shi launinsa ba. Masu arahar nan kuwa da yawansu ba su da manhaja sam, sai dai a canja haske da maɓallin Fn.

Fitilar da ke ƙarƙashin maɓalli ƙananan fitilu uku ne a haɗe: ja, kore da shuɗi. Kowace ana iya ƙara mata ƙarfi daga 0 zuwa 255, shi ya sa ake rubuta launi miliyan 16.8 a jikin kwali. A manhaja ana rubuta launi da alamomi shida, biyu na ja, biyu na kore, biyu na shuɗi, inda 00 ke nufin a kashe, FF kuma ƙarshen ƙarfi. Don haka FF0000 ja ne zalla, FFFF00 rawaya, 000000 kuwa fitila a mace.

Bari mu ɗauki kibod ɗin Razer mai fitila a kowane maɓalli. A shafin Lighting za ka tarar da Quick Effects, wato salon da aka riga aka shirya, da Advanced Effects, wanda ke kai ka Chroma Studio. A nan aikin yake. Ana jera salon haske ne hawa-hawa, kamar darduma a kan tabarma: inda dardumar ta rufe ita ake gani, sauran wurin tabarma ce.

A hawan ƙasa sa Static, hasken da ba ya motsi. Zaɓi dukkan maɓallai ka ba su 000040, shuɗi mai laushi da zai nuna haruffa ba tare da ya kashe ido ba. Sai ka ƙara wani Static a samansa, wannan karon ka zaɓi W, A, S da D kaɗai, waɗanda ake tafiya da su a yawancin wasannin harbi, ka ba su FF8000, ruwan goro. Ko da gefen ido za ka gane inda hannun hagu zai koma. Na uku, a can sama, Reactive da farin launi: duk maɓallin da ka taɓa zai haska, sannan ya dushe ya koma launinsa. Danna Save.

Idan ka gama amma W, A, S da D suna nan shuɗi, kada ka zargi kibod. Hawan shuɗin ne ya hau kan na ruwan goro, ja shi ƙasa da linzami. A ganina hawa uku ɗin nan sun wadatar. Wave da Fire sun fi dacewa da lokacin da kwamfuta take zaune babu mai aiki.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne tsari ya ɓace. Ka kunna kwamfuta, bakan gizon nan ya dawo na ɗan lokaci, ko ka kai kibod ɗin gidan aboki ya manta komai. Dalili shi ne manhajar ce ke aika wa kowace fitila umarni, kuma tsarin Chroma Studio yana buƙatar Synapse a buɗe. Saboda haka a bar ta tana tashi tare da Windows. Wasu kibod ɗin Corsair da Logitech suna iya adana haske a cikinsu, amma galibi salo mai sauƙi kawai suke riƙewa.

Wani lokacin kuma manhaja biyu ce ke rububin fitila ɗaya, sai launi ya riƙa ƙyaftawa ko ya ƙi canjawa. Tun 2023 Windows 11 na da nasa tsarin, Dynamic Lighting. Shiga Settings, sai Personalization, sai Dynamic Lighting, ka kashe Use Dynamic Lighting on my devices.

Farin FFFFFF ma yakan fito da shuɗi-shuɗi, domin fitilun uku ba su cika yin daidai da juna ba. Rage alamomi biyun ƙarshe kaɗan-kaɗan, ka gwada FFFFD0, kana duban kibod ɗin da kansa, ba hoton da ke allo ba.