Wasiƙar Yaya Kan Tikitin Wasa Goma

Ƙanena,

Na ga takardar cacar da ka mance a aljihun rigata, har da wasan Arsenal da na Barcelona a ciki. Wasa goma ka jera, ka zuba naira 500, kana jiran kusan dubu ashirin da tara.

Zo mu yi lissafi. Kowane wasa an ba shi 1.50, wato duk naira ɗaya za ta dawo da naira ɗaya da rabi. Mu ɗauka cikin wasa goma irin waɗannan, shida kan fito yadda aka zata. To, sai duka goman sun fito a tare. Idan ka haɗa biyu, damarka ta koma 36 cikin ɗari, a uku ta sauko 22, a biyar ba ta kai 8 ba. Kafin ka kai na goma, saura 6 cikin dubu.

Ma'ana, a tikiti 165, ɗaya ne zai ci. Ka kashe naira 82,500 ke nan don ka karɓi 29,000. Ragowar ta kamfani ce, domin a kowane wasa yana yankar ribarsa, kai kuma ka bari ya yanka sau goma.

Kullum kana cewa wasa ɗaya ne ya yanke maka. Ni ma na sha faɗar haka, har kuɗin hayar shagona suka tafi. Riƙe ɗari biyar ɗinka.

Yayanka