Wasiƙar ƙorafi kan tabon da ya rage a rigar amarya

Wasiƙar da ake aika wa gidan wanki da guga saboda tabon da ya rage a rigar amarya tana tsayawa ne a kan tambaya ɗaya: tabon ne ya ƙi fita, ko kuwa aikin mai wankin ne ya kafe shi? Amsar ita ce ke nuna abin da mai riga za ta iya nema, don haka gara a duba rigar da kyau kafin a ɗauki biro.

Tabo iri-iri ne. Na maiƙo, wato manja, jan baki da humra, yakan narke a sinadarin da manyan gidajen wanki ke amfani da shi a madadin ruwa. Amma wannan sinadari ba ya narkar da sukari ko gishirin zufa. Su sai an bi wurin da ruwa ko tururi. Nan ne ake yawan samun matsala. Lemun kwalba marar launi idan ya zuba a farin leshi yakan bushe ba tare da an ga komai ba, sai zafin dutsen guga ya ƙona sukarin, wurin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Amarya ta kai riga fes a ido, ta karɓo ta da tabo. Lalle kuwa rini ne, yana kama siliki kamar yadda yake kama fata, kuma sau da yawa ba ya fita duka komai ƙwarewar mai wanki. Wanda ya san aikinsa yakan faɗi haka tun ranar da aka kawo masa kaya.

Akwai kuma alamun da ke nuna ɓarna ce aka yi: launi ya koɗe a kewayen tabon, ko zare ya yi gashi-gashi saboda dirza, ko duwatsun ado sun dushe. Irin wannan sai a ɗauki hotonsa a hasken rana, kuma kada a taɓa wurin da bilic ko sabulu a gida, domin da zarar an taɓa, mai wanki ya sami mafita.

A ɗauki misalin rigar leshi mai shafin siliki wadda miya ta ɗiga a gabanta a wurin dina. An kai ta wanki, an nuna tabon, an biya ƙarin kuɗi na cire shi, ta dawo a goge da tabon a wurinsa. Wasiƙar za ta fara da kwanan wata, sai "Zuwa ga Manaja", sai gaisuwa a taƙaice. Daga nan a kawo lambar rasit, ranar da aka kai rigar, ranar da aka karɓo ta da adadin kuɗin da aka biya. Gundarin maganar ba ya wuce haka: "Na nuna wa ma'aikacinku tabon manja a gaban rigar, ya ce zai fita, na biya kuɗin cire shi daban. Da na buɗe ledar na tarar tabon yana nan, kuma an bi ta kansa da guga." Maganar gugar nan ita ce ƙarfin wasiƙar, domin ƙa'idar sana'ar ita ce a duba tufa bayan wanki, kada a ɗora zafi a kan tabon da bai fita ba.

Sai buƙata, a fayyace ta tare da wa'adi, kamar kwana 7. Idan tabon ne kawai ya rage, a nemi a sake aikin kyauta, in bai fita ba a mayar da kuɗin. Idan yadin ya lalace, a nemi diyya, a haɗa da rasit ɗin yadi da na tela. Neman kuɗin sabuwar riga cif-cif a kan tabon da mai riga ce ta kawo shi ba ya kai ko'ina. Haka ma dogon bayani kan ɓacin rai. Jimla ɗaya da ke nuna cewa rigar aure ce ta wadatar.

Wasu gidajen wanki sukan rubuta a bayan rasit cewa ba su da alhakin tabon da ya ƙi fita, shi ya sa yake da kyau a sa ma'aikaci ya rubuta tabon da alkawarinsa a kan rasit tun farko. A Najeriya, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar neman a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa, kuma hukumar FCCPC tana karɓar irin wannan koke. A yi wasiƙar kwafi biyu, a miƙa ɗaya tare da hotuna da kwafin rasit, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗayan. Asalin rasit ɗin kuwa ya zauna a hannun mai riga.