Katin gayyata mai harshe biyu: Inda ake samun saɓani tsakanin Hausar dattawa da Turancin matasa

A unguwannin Hausawa irin su Agege a Legas da Sabo a Ibadan, katin biki yakan zo da fuska biyu. Fuska ɗaya Hausa ce domin iyaye da malamai da dangin da za su taso daga Arewa, ɗayar kuma Turanci domin abokan ango da ƙawayen amarya, waɗanda wasunsu ma ba sa jin Hausa. Matsala tana tasowa ne idan fuskokin biyu suka faɗi abu daban, kuma yawanci ba a gano hakan sai an gama rabon kati.

Babban tarkon yana cikin kalmar "dare". A lissafin Bahaushe, wanda ya bi na Musulunci, dare ne ke gaba da yini, wato sabuwar rana tana shiga da faɗuwar rana. Idan dattijo ya ce "daren Juma'a", yana nufin daren da za a wayi gari Juma'a, wato Alhamis da daddare. Matashin da ya juya wannan zuwa Turanci kalma bi kalma zai rubuta abin da abokansa za su fahimta a matsayin Juma'a da daddare.

A ɗauka wani gida zai ɗaura aure ranar Juma'a 12 ga wata, kuma mahaifin amarya ya ce a yi walima daren Juma'a. Shi a wurinsa Alhamis 11 ga wata ke nan bayan Isha'i. Idan fuskar Turanci ta fita da Juma'a da daddare, dattawa za su hallara ranar Alhamis, abokan ango kuma su zo bayan kwana ɗaya su tarar an kwashe tabarmi. Maganin abin shi ne a bar "daren Juma'a", a rubuta "Alhamis, 11 ga wata, da ƙarfe 8:30 na dare", sannan a sa waɗannan lambobin a fuskar Turanci ba tare da canji ba.

Haka lokaci yake. Dattawa sun saba da "bayan Sallar Juma'a" ko "bayan La'asar", amma baƙon da ba Musulmi ba bai san ƙarfe nawa ke nan ba, kuma masallatan Juma'a ba sa tayar da salla lokaci ɗaya. Sai a tambayi masallacin da za a ɗaura auren, a haɗa biyun a kowace fuska: bayan Sallar Juma'a, da misalin ƙarfe kaza.

Kwanan watan Musulunci ma yana buƙatar kula. Wata yana yin kwana 29 ko 30, kuma a Najeriya ana jiran sanarwar ganinsa daga fadar Sarkin Musulmi, alhali kati kan fita makonni kafin biki. Don haka lissafin kalanda zai iya saɓawa da kwana ɗaya. Idan za a rubuta shi, a tabbatar sunan ranar da kwanan watan Bature suna kusa da shi, domin su ba sa motsi.

Inda bai kamata a tilasta fuskokin su yi kama ba shi ne lafazi. Fuskar Hausa tana fita ne da bakin iyaye: iyalan wane da na wane suna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu. A nan ake cika laƙabi, Alhaji ko Malam ko sarautar mutum, a sa "marigayi" gaban sunan wanda ya rasu, a rufe da roƙon addu'a daga wanda bai samu zuwa ba. Fuskar Turanci tana iya zama gajeriya, ta ɗauki kalar anko da lambar wayar tabbatar da zuwa. Amma gargaɗin cewa ba a shiga sai da kati, wanda matasa ba sa ɗauka da zafi, idan aka juya shi Hausa aka miƙa wa kawu ya zama kora. Irin wannan sharaɗi na dina ne, gara a buga masa ƙaramin kati na daban.

Kafin a buga da yawa, a nemi mai ɗab'i ya fitar da kwafi ɗaya. A duba haruffa masu lanƙwasa, domin a wasu injinan ƙ da ɗ da ɓ sukan ɓace, "ɗa" ya koma "da", "'ya'ya" ya koma "yaya". Sai a karanta wa dattijo ɗaya fuskar Hausa, a ba matashi ɗaya ta Turanci, a tambayi kowannensu shi kaɗai: wace rana, ƙarfe nawa, a ina? Idan amsarsu ta zo ɗaya, a buga.

Duk da haka, a wurin baffa da gwaggo kati tunatarwa ce kawai. Gayyatar ita ce a taka a je da goro, a durƙusa a faɗa da baki.