Yadda Ake Zaɓar Masu Kallon Sitatus a WhatsApp: Bayani Ga Al'ummar Sule Tankarkar

Tun shekarar 2017 manhajar WhatsApp ta ba masu amfani da ita damar ɗora hoto, bidiyo ko rubutu a sitatus, wanda ke gushewa bayan sa'o'i 24. A Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar da maƙwabtanta na Masarautar Gumel, wato Gumel, Maigatari da Gagarawa, jama'a na amfani da shi wajen sanar da suna, ɗaurin aure da tallar dabbobi. Sai dai da yawa ba su san ko su wa ke kallo ba.

Ƙa'idar farko ita ce, mutum ba zai ga sitatus ɗinka ba sai ka adana lambarsa, shi ma ya adana taka. Daga cikin waɗannan mutane ne kake da ikon zaɓa. A shiga Settings, sannan Privacy, sannan Status. Nan za a tarar da zaɓi uku. Na farko, My contacts, yana nuna wa kowa daga cikinsu. Na biyu, My contacts except..., yana nuna wa kowa ban da waɗanda ka yi wa alama. Na uku, Only share with..., yana nuna wa waɗanda ka zaɓa kaɗai. Manhajar ba ta sanar da wanda aka cire cewa an cire shi.

Bambancin Jeri Biyu

A ɗauki misalin makiyayi daga Sule Tankarkar mai lambobi 200 a wayarsa. Ya ware mutum 10 da ba ya son su san harkokinsa, ya saka su a jerin My contacts except.... Ranar Alhamis ya kai shanu kasuwar Maigatari, inda ya adana lambobin dillalai biyu, direban mota da wani baƙon mai saye. Da yamma ya ɗora hoton cinikin da ya yi da motar da zai shiga zuwa gida. Waɗannan mutum huɗu, muddin sun adana lambarsa, duk za su gani, domin wannan jeri yana hana waɗanda aka ambata ne kawai, duk sabuwar lamba kuwa shiga take yi kai tsaye. Ke nan baƙin da bai sani ba sun san yana ɗauke da kuɗi, sun kuma san hanyarsa.

Da a ce ya yi amfani da Only share with..., ya zaɓi 'yan uwansa 15, to babu sabuwar lambar da za ta ga komai sai ya ƙara ta da hannunsa. Don haka jerin farko ya dace da talla, na biyu kuma shi ya dace da batun kuɗi, tafiya da hotunan iyali. Haka ma dagatai, masu unguwanni da ma'aikatan ƙaramar hukuma, waɗanda lambobinsu ke hannun jama'a da dama, na biyun ya fi musu.

Kurakuran da Aka Fi Yi

Sauya jeri ba ya shafar abin da aka riga aka ɗora. Idan makiyayin ya farga bayan ya ɗora hoton, dole ya goge shi, ya gyara jerin, sannan ya sake ɗorawa. Haka kuma zaɓin da aka yi na ƙarshe shi ke ci gaba da aiki. Wanda ya buɗe wa kowa domin tallar rago, to hoton da zai biyo baya ma kowa zai gani, sai in ya mayar da saitin. Ya kamata a duba zaɓin da ke bayyana a ƙasan allo kafin a aika.

Wasu kuma na zaton idan sun ɓoye sitatus ɗin wani daga idonsu, shi ma ba zai ga nasu ba. Ba haka ba ne. Sai an cire shi daga jeri ko an toshe lambarsa.

Jerin Waɗanda Suka Kalla

Idan ka buɗe sitatus ɗinka ka taɓa alamar ido, za ka ga sunayen waɗanda suka kalla. Amma wannan jeri ba cikakkiyar shaida ba ce. Wanda ya kashe Read receipts sunansa ba zai fito ba ko da ya kalla, shi ma kuma ba zai ga masu kallon nasa ba.

Daga ƙarshe, jeri yana tantance lamba ne, ba mai riƙe da waya ba. A gidan da mutane ke amfani da waya guda, ko a shagon caji, wani na iya gani, kuma wanda aka yarda ya kalla yana iya ɗaukar hoton allo ya tura gaba. Saboda haka ana shawartar jama'a da su riƙa duba jerinsu duk bayan cin kasuwa ko adana sababbin lambobi, kuma takardun ofis da bayanan kuɗi kada a ɗora su a sitatus ko kaɗan.