Jarin Yau Ba Na Baɗi Ba Ne: Kuskuren NPV a Excel

Duk ɗan kasuwa ya san naira dubu a hannu yau ta fi naira dubun da za a ba shi baɗi. Wannan shi ne aikin NPV a Excel: tana rage darajar kuɗin da za su shigo nan gaba, ta nuna abin da suka kai a yau. Sai dai tana da wata ɗabi'a da masu lissafi da yawa ba su lura da ita ba. Adadin farko da ka ba ta, ɗauka take yi sai ƙarshen shekara ta ɗaya zai zo. Haka ma take yi a Google Sheets.

A ce mutum zai sayi injin niƙa yau a kan naira 1,000,000, yana sa ran samun 450,000 a ƙarshen kowace shekara har shekara uku. Ya sa kashi 10 cikin 100 a B1, wato abin da kuɗin za su iya samar masa a wata sana'ar. Jarin yana B2 da alamar ragi, kuɗin shiga kuma daga B3 zuwa B5. Yawanci sai a rubuta:

```
=NPV(B1,B2:B5)
```

Amsa za ta fito 108,258. Ba daidai ba ne. Excel ta ɗauka sai baɗi za a biya kuɗin injin, ribar farko kuma sai shekara ta biyu. Komai ya matsa gaba da shekara guda. Alhali mai injin yau zai karɓi kuɗinsa lakadan, babu abin da za a rage a cikinsu. Don haka jarin a waje ya kamata ya tsaya:

```
=B2+NPV(B1,B3:B5)
```

Yanzu amsar ita ce 119,083. Bambancin ya kusa naira dubu 11.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuskuren yake ɓuya. Ba ya mai da riba asara, ba ya mai da asara riba. Amsar gaskiya kawai yake rabawa da 1.1, sai adadin ya fito da kamar hankali, kowa ya sa hannu. Idan kason ya kai 25 cikin 100 kuwa, kashi ɗaya cikin biyar na amsar ne ya tafi. Ɓarnar tana fitowa ne ranar da aka kwatanta sana'o'i biyu, an lissafa ɗaya daidai, ɗayar kuma da kuskure, har a bar wadda ta fi riba.

Gano shi ba wuya. Danna gidan da amsar take, ka duba cikin baka: in gidan jarin yau yana ciki, a gyara. Wanda kuɗinsa ba sa shigowa shekara-shekara cif, gara ya yi amfani da XNPV, domin ita tana karɓar kwanan wata, kuma ba ta rage komai daga kuɗin ranar farko.