Yadda Ake Cin Moriyar Tsofaffin Tambayoyin JAMB

Da zarar lokacin jarrabawar JAMB ya ƙarato, sai ka ga littattafan tsofaffin tambayoyi a hannun kusan kowane ɗalibi. Da yawa kan zauna su haddace amsoshin da ke bayan littafin, alhali amfanin waɗannan tambayoyi shi ne su nuna wa ɗalibi inda rauninsa yake tun da sauran lokacin gyara.

Kamar wata uku kafin jarrabawa ya kamata a fara, amma ba da takarda sukutum ba. Idan ɗalibi ya gama karanta wani babi, sai ya tattaro tambayoyin babin daga shekaru daban-daban ya amsa. Takardun shekaru uku na baya-bayan nan kuwa ya ajiye su, kada ya leƙa, sai makonni shida na ƙarshe. Takardar da ido ya riga ya gani ba ta faɗin gaskiyar abin da mutum ya sani.

A waɗannan makonni ne agogo ke shigowa. JAMB na ba da tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Wato daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Ɗalibi na iya ba Turanci minti 30, sauran ukun minti 25 kowanne, ya bar minti 15 don komawa kan waɗanda ya tsallake. A rufe littafi, a ajiye waya, kuma idan lokaci ya cika a tsaya ko da ba a gama ba. In da hali a gwada a kwamfuta, tun da a kanta ake rubuta jarrabawar.

Babban aikin yana bayan an duba amsa. A ce an tambaya: ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 800, ya sayar naira 1,000, kashi nawa ne ribarsa cikin ɗari? Ɗalibi ya zaɓi 20, amsa kuma 25 ce. Da ya bi sawun lissafinsa, zai ga ya raba ribar naira 200 da kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye. Wannan rashin sanin ƙa'ida ne, maganinsa komawa babin. Da gaggawa ce ta sa bai karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya ƙure masa, da maganin daban ne. Sai ya rubuta tambayar da dalilin kuskuren a littafi na musamman, ya sake amsa ta bayan mako guda ba tare da duba bayanin ba. Amsar da ya canka ya dace ma ya lissafa ta cikin kurakurai. Idan kuma amsar bayan littafi ta saɓa wa lissafinsa, ya kai wa malami, domin akan samu kuskuren bugu.

Don haka ɗalibi, kada ka buɗe sabuwar takarda sai ka gama da kurakuran wadda ta gabata.